Yadda ake haɗa bidiyon ta'aziyya wanda masu rashi za su iya kallo har ƙarshe

Lokacin da mahaifiyar wani abokin karatunmu ta rasu a Zariya, mu da muka yi aji ɗaya da shi mun riga mun watsu: wasu na Legas, wasu na Yamai, biyu na Jidda, ɗaya yana Kumasi. Waɗanda ke kusa sun je gaisuwa tun ranar farko. Mu na nesa muka yanke shawarar haɗa ɗan bidiyo mu aika wa iyalan, aikin kuwa ya faɗo kaina. Kafin in fara, wani daga cikinmu ya riga ya haɗa nasa ya tura zauren da muke hira: hoton Hajiya a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu, sai makara, sai kabari da ƙasa ɗanya, ga kiɗa mai sa kuka a ƙarƙashi. Abokinmu ya buɗe, ya kalli sakan biyar, ya fita daga zauren. Kwana biyu bai ɗauki wayar kowa ba.

Wanda ya haɗa bidiyon ba shi da mugun nufi. Ya manta ne kawai cewa mai kallon ɗan marigayiyar ne. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su: kowane hoto, kowace kalma, ka auna ta da idon wanda ya fi kowa jin zafin rashin.

Mataki na farko: izini

Bidiyon ta'aziyya daban yake da sanarwar rasuwa. Sanarwa ta iyalai ce, su ke fitar da ita da lokacin jana'iza. Ta'aziyya saƙo ne daga gare ka zuwa gare su. Saboda haka ba ka fara komai sai ka tabbatar labarin ya isa ga kowa a dangi. Ba a so 'yar marigayiya da ke aure a wani gari ta ji mutuwar uwarta daga bidiyonka.

Wanda ake neman izini wurinsa shi ne mai faɗa a ji a gidan, galibi babban ɗa, ko mijin, ko ƙanen uba. Kada ka ɗora wa wanda ya fi kowa kaɗuwa nauyin amsa tambayoyi. Ni babban wan abokinmu na kira, bayan an yi kwana uku an tashi daga zaman makoki. Na fara da gaisuwa yadda aka saba.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Yaya, mu abokan karatun ƙanenka da ke nesa muna so mu aiko da ɗan saƙon gaisuwa na bidiyo. Ba za mu yi ba sai da yardarku."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce ba laifi, amma kada a sa hotonta, domin ko da ranta ba ta son hotonta ya fita waje. Da ban tambaya ba, da hoton ne farkon abin da zan sa.

Abubuwa huɗu nake tambaya a irin wannan kira. Ko a sa hoto, kuma wanne. Yadda suke so a rubuta sunan, da laƙabi ko babu, domin sau da yawa sunan da unguwa ta san mutum da shi ba shi ne na yanka ba. Ranar rasuwa. Sai kuma inda bidiyon zai tsaya: gida kaɗai, ko an yarda a sa wa jama'a. Ranar Hijira tana da tarko, domin kalandar waya takan saɓa da ganin watan da aka sanar a ƙasa da kwana ɗaya, kuma wanda ya rasu bayan magariba ya shiga kwanan gaba a lissafin Musulunci. In ba ka samu ranar daga bakin iyalai ba, ka bar ta Miladiyya kaɗai. Idan kuma suka ce a'a, magana ta ƙare. Ka kira a waya ka yi gaisuwa.

Mataki na biyu: zaɓen aya

Nan ne ya fi buƙatar natsuwa, kuma nan aka fi yin kuskure. Mutum ya buɗe manhajar Alƙur'ani ya nemo kalmar mutuwa, duk ayar da ta fito ya ɗauka. Na taɓa ganin an ɗora aya ta 99 da ta 100 na Suratul Mu'minun a kan sunan wani dattijo, inda mai mutuwa ke cewa "Rabbirji'un", wato Ubangiji a mayar da ni. Ayar tana magana ne a kan wanda ya yi sakaci yana nadama. Ka duba nauyin wannan ga 'ya'yansa da suka san ma'ana. Haka aya ta 19 ta Suratu Ƙaf da ke maganar magagin mutuwa. Gaskiya ce, amma wurin wa'azi ne muhallinta, ba kunnen wadda ta ga numfashin uwarta na ƙarshe shekaranjiya ba.

Hatta "Kullu nafsin za'iƙatul maut" ta Ali Imrana aya ta 185, wadda kowa ke sawa, ni nakan yi jinkiri da ita. Tunatarwa ce ga rayayyu cewa kowa zai ɗanɗana. Masu rashi sun riga sun san haka fiye da kowa a wannan makon. Abin da suke buƙata shi ne lallashi.

Ayar da na fi dogara da ita ita ce ta Baƙara, 155 zuwa 157, domin da masu rashin take magana kai tsaye, kuma da bushara. Sai dai ka kula da inda za ka fara. Aya ta 156 tana farawa da "allazina", wadda ke rataye da ƙarshen ayar da ta gabace ta. In kana son gajartawa, ka fara daga "wa bashshiris sabirin" a ƙarshen 155 ka kai har "wa ula'ika humul muhtadun". Ma'anarta a taƙaice: ka yi bushara ga masu haƙuri, waɗanda idan masifa ta same su sukan ce lalle mu na Allah ne kuma gare shi za mu koma; waɗannan suna da albarku daga Ubangijinsu da rahama, kuma su ne shiryayyu.

Idan uwa ce ko uba, addu'ar da ke ƙarshen aya ta 24 ta Suratul Isra'i tana shiga zuciya: "Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira." Lafazin na mutum biyu ne, uwa da uba, kuma haka za ka bar shi ko da ɗaya ne ya rasu. Ba a gyara aya don ta dace da bidiyo. Nema wa mai rai rahama ba laifi ba ne. Akwai kuma aya ta 10 ta Suratul Hashri, wadda ke neman gafara ga 'yan'uwa da suka riga mu da imani, ta dace sosai idan ƙungiya ce ke aika saƙon. Ayoyi huɗu na ƙarshen Suratul Fajri, "Ya ayyatuhan nafsul muɗma'innah", suna da taushi ƙwarai, amma ka biyo su da addu'a irin "Allah ya sa tana cikin waɗanda za a yi wa wannan kira", domin kada ya zama kamar kai ne ka yanke wa mamaci makoma. Da wannan dalilin ne ma ba na rubuta "ɗan Aljanna" ko "shahidi" a gaban sunan kowa. Imamul Buhari yana da babi guda a kan cewa ba a cewa wane shahidi ne. Ka roƙa masa, ka bar hukunci ga mai shi.

Wuri ɗaya daga cikin waɗannan ya isa, biyu iyaka.

Wani abu da 'yan kaɗan ke lura da shi: lambobin ayoyi. Mus'hafin Hafsu da ke cikin yawancin wayoyi ya ƙirga Baƙara aya 286, na Warshu da aka saba da shi a makarantun allo ya ƙirga 285. Abin da ka rubuta 156, dattijon da ya buɗe nasa na Warshu zai same shi a 155. Ba kuskure ba ne, amma idan malamin da ya yi maka karatu da Warshu ya karanta, to rubutun da ke kan allo ma ya zama na Warshu, ko ka bar fassara kaɗai da sunan sura. Fassarar kuwa kada ka ƙirƙira da ka. Ka ɗauko daga tarjamar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ko ka ba malami ya duba taka.

Daga hadisi, lafazin ta'aziyya da ya fi dacewa da aikinmu shi ne wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa 'yarsa ta bakin ɗan aike sa'ad da ɗanta ke bakin mutuwa: na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, kowane abu yana da ajali ambatacce a wurinsa, sai ta yi haƙuri ta nemi lada. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi daga Usama bin Zaid. Saƙo ne da aka aika daga nesa, kamar namu. Idan yaro ne ya rasu, wannan nake sawa.

In za ka sa addu'a da Larabci, ka kula da lamiri. Ga namiji "Allahummagfir lahu warhamhu", ga mace "Allahummagfir laha warhamha". Kwafe addu'ar namiji a liƙa wa mace kuskure ne da ya cika gari, kuma almajirin gidan zai gane nan take.

Idan iyalan Kirista ne, daga littafinsu za ka zaɓa: Zabura 23, Zabura 34:18, Matiyu 5:4 ko Yohanna 14:1-3. Ka tambayi faston su ko wani dattijo a cocinsu wace suka fi so. Maƙwabci Musulmi da ke gaida Kirista, ko Kirista da ke gaida Musulmi, ya fi masa sauƙi ya tsaya a kalmomin haƙuri da alherin mamacin da ya sani.

Mataki na uku: rubuta abin da za a faɗa

Ka rubuta a takarda tukuna. Wanda ya kunna waya ya fara magana da ka yakan zarce, ya shiga labarin jinya, ya ƙare da kuka.

Muryar lallashi tana tafiya a hankali, wajen kalma ɗari a minti ɗaya. Kalma tamanin zuwa casa'in sun isa. Ga abin da muka faɗa wa gidan su abokinmu:

"Assalamu alaikum. Baba, Yaya, da dukan mutanen gida, mu ne abokan karatun ɗanku. Nisa ya hana yawancinmu zuwa mu durƙusa mu gaishe ku. Ya haƙuri? Mun san Hajiya da kwanon tuwon da take aiko mana soro. Ba ta taɓa tambayar mu nawa ne ba, sai dai ta ƙaro. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya albarkaci abin da ta bari. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen."

Ka lura da kwanon tuwon. Abu ɗaya ne, ƙarami, kuma na gaskiya. Ya fi jerin "mai kirki, mai haƙuri, mai son jama'a" da ake faɗa wa kowa. Iyalai sun san halin uwarsu, abin da ba su sani ba shi ne yadda alherinta ya taɓa mutanen waje. Idan ba ka san mamacin ba, kada ka ƙaga. Ka ce ka san shi ta tarbiyyar 'ya'yansa, in hakan gaskiya ne.

Abubuwan da na goge daga rubutun farko su ma darasi ne. Na cire sunan ciwon da tsawon jinyar. Na cire "ba mu taɓa zaton za ta tafi yanzu ba", domin yana tayar da da-na-sani, musamman ga wanda ke zargin kansa da jinkirin kai ta asibiti. Na cire "mun san yadda kuke ji", don ba mu sani ba. Wani ya ba da shawarar a sa "ku daina kuka", na ƙi. Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Gaisuwar kuma ta bi girma: uba ko miji a gaba, sai manyan 'ya'ya. Idan akwai mata fiye da ɗaya a gidan, ko dai ka ambace su duka bisa tsari, ko ka ce "iyayenmu mata" ka wuce. Ambaton ɗaya a bar ɗaya yana iya buɗe wani ciwon daban.

Mataki na huɗu: ɗaukar murya

Ka zaɓi mai murya natsattsiya wanda ba zai karye a tsakiya ba. Ba a buƙatar muryar mai gabatar da labarai, ba a kuma buƙatar makyarkyatar murya ta ganganci. Ka yi magana kamar kana zaune a tabarma gaban Baba.

Waya ta isa. Ka shiga ɗaki mai labule da katifa, domin ɗakin da ba kaya yana amsa-kuwwa. Ka kashe fanka, ka jira janareton maƙwabta ya yi shiru. Ni bayan sallar asuba na fi samun haka, kafin masu babura su fito. Ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ka. Ka riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakinka, a ɗan karkace, don iskar "f" da "b" kada ta riƙa bugun makirfon. Ka bar sakan biyu na shiru a farko da ƙarshe, ka kuma ɗan tsaya bayan kowace addu'a, daidai yadda mai sauraro zai ce amin. Mutanen gida za su faɗa, ko ba ka ji. Ka ɗauka sau uku ka zaɓi ɗaya.

Karatun ayar, mun roƙi limamin masallacin unguwarmu ya yi mana. Da isti'aza da komai ya ɗauki sakan 37. Na fi son haka a kan yanko karatun shahararren maƙaranci, domin wasu rikodin suna da masu haƙƙi, kuma Facebook ko YouTube kan iya toshe sautin, ga shi yankan yakan faɗo tsakiyar numfashi. In dole sai ka yanko, ka yanke a inda maƙarancin ya yi waƙafi.

Dokoki biyu ba na sassauta su. Ba kiɗa ko waƙe a ƙarƙashin Alƙur'ani. Ba kuma a rage karatun a mayar da shi shimfiɗa mai magana ya hau kai. Aya ta 204 ta Suratul A'araf ta ce idan ana karanta Alƙur'ani a saurara a yi shiru. Karatu ya ƙare, a yi shiru kaɗan, sannan murya ta shigo. A bidiyon gidan Musulmi ni ba na sa kiɗa ko'ina ma. Shiru ba ya ɓata komai.

Mataki na biyar: abin da ido zai gani

Abin da ba ya shiga: gawa, likkafani, makara, buɗaɗɗen kabari, gadon asibiti, wurin haɗari, motar da ta murƙushe, fuskokin masu kuka, da matar da ke takaba. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, lokacin suturta kai ne, ba na yawo a wayoyin mutane ba. Marayu ƙanana ma ka bar su. Hoton sallar jana'iza da ake ɗauka don nuna yawan jama'a, in iyalai suna so su ajiye abinsu, amma ba na cikin saƙon gaisuwa ba ne.

Akwai kuma kayan aro da ke zuwa cikin shiryayyun samfura na manhajoji: kyandir, farar kurciya, baƙin ƙyalle a kusurwar hoto, matakalar da ke hawa gajimare, fuskokin zane masu hawaye. Ba al'adar gidan Bahaushe Musulmi ba ce, kuma dattawa sukan ji wani iri. Ka fara da allo fayau ka gina naka.

To me ya rage? Fili mai launi ɗaya, kamar ruwan ƙasa mai haske, kore mai duhu ko shuɗi mai duhu, da rubutu. In kana son motsi, sararin sama da asuba, inuwar darbejiya, ko ruwa mai gudu a hankali, wanda ka ɗauka da kanka wayar na jingine ba ta rawa. Hoto biyu ko uku sun isa bidiyo duka. Mu da aka hana mu hoton Hajiya, sama kaɗai muka sa. Na so in sa hoton soron gidan, sai na tuna daga nan aka fitar da ita, na fasa.

Idan an yarda da hoton mamaci, ka karɓi wanda iyalan suka zaɓa, na lokacin lafiya, da sutura cikakkiya. Ka yanke duk wanda ke gefe. Ka nuna shi sau ɗaya, sakan biyar ko shida, a tsakiyar bidiyo, ba tare da zuƙowa kan fuska ba. Kada ya zama hoton farko. Dalili kuwa, manhajojin saƙo sukan ɗauki farkon bidiyo su mai da shi fuskarsa, Facebook kuma yakan kunna bidiyo da kansa. Ɗiyar da ta buɗe waya don duba wani abu sai ta yi karo da fuskar mahaifinta ba shiri.

Mataki na shida: haɗawa

Manhajojin haɗa bidiyo a waya, CapCut ko InShot, duk suna yi. Ka zaɓi tsayin allo 9:16, tunda a waya za a kalla. Ka fara jera sauti, sannan ka ɗora hoto a kansa, domin sauti ne ke yanke tsawon kowane sashe. Ga yadda namu ya kasance. Sakan biyar na farko: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", ƙasa da shi "Saƙon ta'aziyya ga iyalan marigayiya" da sunanta, ba sauti. Daga sakan 5 zuwa 42 karatun aya, fassara tana fitowa gaɓa uku, kowace tana bin inda liman ya tsaya. Sakan biyu shiru. Daga 44 zuwa 94 muryar gaisuwa da addu'a. Sakan shida na ƙarshe: "Daga abokan karatun ɗanku". Jimla minti ɗaya da sakan 40.

Ba mu jera sunayenmu ba. Mu talatin da wani abu ne, da jerin ya fi addu'ar tsawo. Tambarin kasuwanci, lambar waya, hoton ɗan takara da "ku bi shafinmu" ba su da wuri a nan ko kaɗan.

Tsakanin hoto da hoto ka yi amfani da narkewa mai sauƙi ta kamar sakan ɗaya, ba juyi ba walƙiya. A kan sauti ka sa `Fade in` da `Fade out` na rabin sakan, amma ka tabbata ba su cinye harafin farko na isti'aza ko ƙarshen aya ba. Amfanin shirun da ka bari ke nan. Ka daidaita `Volume` na liman da na mai magana su zo ɗaya, kada mutum ya ƙara sauti don jin karatu sai gaisuwa ta fashe masa a kunne. Idan ka kunna rage hayaniya ka ji murya ta koma kamar daga cikin tulu, ka kashe, ka sake ɗauka a wuri mai shiru.

Rubutu yana da matsaloli biyu da suka shafe mu musamman. Na farko, haruffa masu ƙugiya. Yawancin salon rubutu na ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati ko su sauya siffa a tsakiyar kalma. Ka gwada da "haƙuri", "ɗa" da "ɓata" kafin ka zaɓi salo, ka tsaya a kan mai sauƙi. Na biyu, Larabci. Wasu manhajoji sukan rarraba haruffa ko su juya jeren kalmomi idan layi ya karye, wasula kuma su gauraye. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka ɗauki hoton ayar daga amintacciyar manhajar mus'hafi ka sa ta a matsayin hoto, ka kula kada yankan ya ci wasali na sama ko na ƙasa. Rubutu ya zama babba, layi uku iyaka a allo, ya kuma nisanci can sama da can ƙasa inda maɓallan manhaja ke rufewa. Ka karanta kowane allo da ƙarfi sau biyu a hankali. In ya ɓace kafin ka gama, ka ƙara masa lokaci, domin Baba da tabarau zai karanta.

CapCut yakan liƙa ɗan guntun tambarinsa a ƙarshe. Ka taɓa shi ka goge kafin fitarwa. Wajen `Export`, 720p da 30fps sun wadatar. Bidiyo mai sakan ɗari a kan megabit biyu a sakan yana zuwa wajen megabait 25, wanda mai ƙaramar data zai iya saukewa.

Mataki na bakwai: dubawa da aikawa

Kafin ya fita, mutum biyu su gani. Malami ya duba aya, fassara da lamirin addu'a. Sai wani na jikin gidan wanda ba shi ne tsakiyar rashin ba, kamar ɗan baffa ko suruki, ya duba suna, rana da tsarin gaisuwa. Namu, surukin gidan ne ya gano mun rubuta "Hajiya" da sunan da 'yan unguwa ke kiranta, alhali Baba da sunanta na yanka yake so. Gyaran minti biyu ne. Kai ma ka saurara sau ɗaya da lasifikar waya ba da abin kunne ba, don haka za a ji shi a tsakar gida.

Wajen aikawa, ka tura wa wanda ya ba ka izini shi kaɗai, ta saƙon sirri. Ka fara da rubutu, kada bidiyo ya faɗo haka kawai. Ni na rubuta: "Yaya, ga saƙon da muka yi magana. Aya ce da addu'a, babu hoton Hajiya. A duba duk sa'ad da aka samu natsuwa, ba sai an amsa ba." Faɗin abin da ke ciki yana ba mutum damar shirya zuciyarsa, ko ya ajiye sai gobe. Ka aika da hantsi ko bayan la'asar, ba tsakar dare ba. In WhatsApp ya matse bidiyon har rubutun Larabci ya dusashe, ka sake turawa ta `Document`, zai isa yadda ka fitar da shi.

Sa shi a `Status` ko Facebook sai in sun yarda, kuma sai bayan sun gani. Ko sun yarda, ka tuna abin da ya fita ba ya dawowa: za a yi ta turawa, Facebook kuma yakan dawo da tsofaffin abubuwa bayan shekara a matsayin tunawa. Kada ka liƙa sunayen 'ya'yan a jiki. Idan daga baya wani a gidan ya ce a sauke, ka sauke ba tare da neman dalili ba, ka kuma gaya wa waɗanda ka tura wa.

Namu mun aika ranar kwana na biyar. Yaya bai amsa ba sai washegari da yamma, da saƙon murya na sakan goma sha wani abu: Baba ya sa an kunna masa sau biyu, ya tambaya su waye 'yan soron, an lissafa masa waɗanda aka tuna. Bayan sati uku na samu hutu na shiga mota zuwa Zariya, na durƙusa gaban Baba na yi gaisuwata da baki.